Gejin Iska Ba Ya Ƙarya, Zafi Ne Ke Sa Baki

Akwai lambar da mai faci ke karanta maka da sassafe, akwai wadda yake karanta maka bayan azahar, kuma taya ɗaya ce, ba wanda ya ƙara mata iska ko ya rage. Na tattaro wasu abubuwan mamaki game da wannan bambanci, wasu ƙanana, wasu kuwa har da asarar rai.

Iskar ba ta ƙaru ba, fushi kawai ta yi

Idan aka buga wa taya iska aka rufe bawul, yawan iskar da ke ciki ya tsaya ke nan. Abin da geji yake aunawa shi ne ƙarfin da iskar ke tura bangon taya da shi. Iska kuwa ƙananan ƙwayoyi ce da ido ba ya gani, kullum cikin kai da komo suke. Idan suka ji zafi sai gudunsu ya ƙaru, su riƙa dukan bango da ƙarfi kuma akai-akai, allurar geji ta hau. Idan suka huce sai ta sauka. Wani Bafaranshe mai suna Guillaume Amontons ya lura da wannan alaƙa tun wajen shekarar 1700, kusan shekara ɗari biyu kafin mota ta fara yawo a kan tayar iska.

A tayar ƙaramar mota lissafin yana da sauƙin riƙewa: duk digiri shida na ma'aunin Salshiyas da zafi ya ƙaru, geji zai ƙara kusan lamba ɗaya, wato abin da ake rubutawa psi a jikinsa. Digiri goma kuwa ya kai ɗaya da rabi da ɗan ɗori.

"Sanyi" a nan ba ƙanƙara ake nufi ba

Masu ƙera taya idan suka ce a auna ta tana sanyi, nufinsu iskar cikinta ta yi daidai da iskar gari. Sharaɗin da aka fi faɗa shi ne mota ta yi aƙalla awa uku a ajiye, ko kuma tafiyar da ta yi ba ta wuce kilomita ɗaya da rabi ba, a hankali. Saboda haka safiyar Sakkwato a watan Afrilu, da mutum ke tashi da gumi a wuya, ita ma "sanyi" ce a wurin taya, muddin motar ta kwana a ajiye kuma rana ba ta fara dukanta ba. Lambar da kamfanin mota ya liƙa a jikin ginshiƙin ƙofar direba, ko a bayan murfin tankin mai, ta wannan yanayi ce. Masu lissafin sun riga sun san za ta hau a kan hanya, sun kuma bar mata fili.

Abin da ya faru da ni a hanyar Zariya

Wannan kuskurena ne, kuma da bakina na ba da umarninsa. Na tashi daga Kano da safe, tayoyin huɗu duk a kan 32, yadda takardar ƙofa ta ce. Na tsaya kusa da Zariya rana ta take, na ce wa wani mai faci da ke gindin darbejiya ya duba mini. Ya durƙusa, ya kwance hular bawul ya riƙe ta a baki, ya danna geji, ya ɗago kai.

"Yallaɓai, wa ya buga maka wannan iska? Talatin da bakwai fa ke nan. Da wannan rana, ai fashewa za ta yi."

Na ce, "To, Malam, rage mini ita zuwa talatin da biyu."

Ya sa tsinken bawul, tayoyin suka yi ta huci ɗaya bayan ɗaya, na biya shi na kama hanya ina jin na tsallake rijiya da baya. Washegari da safe a Kaduna na auna da ɗan gejin da ke cikin akwatin gaban mota, sai na ga 28, wata ma ba ta cika ba. Na fara zargin ƙusa, amma ƙusa huɗu a dare ɗaya? Babu ko ɗaya.

Ga yadda lissafin yake. Geji ba ya ƙidaya nauyin iskar duniya da ke danne mu kullum, wadda ta kai kusan 14.7 a bakin teku. Idan ya nuna 32, ainihin ƙarfin da ke ciki 46.7 ne. Shi ma zafi, a wannan lissafi ba daga sifirin da ruwa ke daskarewa ake fara ƙirga shi ba, sai an ƙara masa 273. Mu ɗauka safiyar Kano digiri 20 ce, ta zama 293. Mu ɗauka iskar cikin tayar ta kai digiri 50 a Zariya, ta zama 323.

```
46.7 × 323 ÷ 293 = 51.5
51.5 − 14.7 = 36.8
```

Ga 37 ɗin mai faci ta fito, kuma lafiyayyar lamba ce ga tayar da ta sha gudu. Da na sa aka sace ta zuwa 32 tana da zafi, sai lissafin ya juya da dare:

```
46.7 × 293 ÷ 323 = 42.4
42.4 − 14.7 = 27.7
```

Wato na ƙarasa tafiyata da tayoyin da a gaskiya iskarsu ta gaza da fiye da lamba huɗu. Mai facin bai yi kuskuren karatu ba. Ni da shi ne muka ɗauki lambar rana muka gwada ta da dokar safiya.

Kwalta ba ita kaɗai ke dafa taya ba

Yawancinmu kwalta muke ɗora wa laifi, kuma tana da nata kason, wanda ya taɓa taka ta ba takalmi a bazara ya sani. Amma babban murhun yana cikin tayar kanta. Duk zagaye ɗaya, ɓangaren da ya taɓa ƙasa yana lotsawa, ya miƙe idan ya tashi. Ɗauki wayar ƙarfe ka lanƙwasa ta gaba da baya sau ashirin ka taɓa gwiwar, za ka janye yatsa. Tayar ƙaramar mota a gudun kilomita 100 tana yin wannan lanƙwasa kusan sau goma sha huɗu a kowace daƙiƙa. Shi ya sa ko da dare, ko a cikin ruwan sama, taya tana ɗumi idan ta yi tafiya.

A nan ne abin ya zama kamar almara. Tayar da iska ta yi wa kaɗan ta fi lotsawa, don haka ta fi yin zafi. Direban da ya rage iska don tsoron zafi, zafin ya ƙara wa wuta. Idan ya sake tsayawa a gaba ya ga allura ta kuma hawa, ya sake ragewa, to yana tura tayar inda roba ke fara rabuwa da wayoyin ƙarfen da ke cikinta. Ɓawon taya da ake gani a yashe a gefen manyan hanyoyi, da yawa ta haka ya samo asali: iska kaɗan, kaya da yawa, gudu mai tsawo. Lafiyayyar taya kuwa, ƙarin lamba huɗu ko biyar na zafi ba ya ko kusa da abin da zai fasa ta.

Jidda, 1991

Wannan ba labarin mota ba ne, amma dokar ɗaya ce, kuma gidaje da yawa a ƙasar Hausa ba su manta da shi ba. Ranar 11 ga Yulin 1991 wani jirgi samfurin DC-8, wanda aka ɗauko haya daga kamfanin Nationair na Kanada yana aiki da sunan Nigeria Airways, ya tashi daga Jidda da alhazai zuwa Sakkwato. Bincike ya nuna akwai tayoyinsa da iskarsu ba ta kai ƙa'ida ba. Wadda ta yi laushi ta jibga wa maƙwabciyarta nauyi, suka yi zafi a doguwar tafiyar da jirgi ke yi a ƙasa kafin tashi, suka fashe yana cikin gudu, wuta ta kama. Matuƙan ba su san da wutar ba, suka naɗe ƙafafun jirgin zuwa cikin cikinsa. Mutum 261 ne a ciki, babu wanda ya tsira. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Hunturu yana "sace" iska ba tare da huda ba

A tsakiyar hunturu, asubar Kano kan sauka wajen digiri 13, la'asar kuma ta kai kusan 30. Wannan tazara kaɗai tana motsa geji da kusan lamba uku, ko motar ba ta motsa daga inda take ba. Wanda ya sa aka daidaita masa taya da la'asar, da asuba zai tarar da ita ƙasa da abin da ya biya.

Ga masu motocin da aka shigo da su daga Amurka, wannan ne sirrin fitilar nan mai ruwan ɗorawa, mai kama da kofaton doki da alamar motsin rai a tsakiya, wadda ke kamawa da safe a watan Janairu, ta mutu bayan an ɗan yi tafiya. Wasu su ce na'urar ce ta lalace. Sau da yawa lafiyarta ƙalau. Tayar ce dama tana bakin iyaka, sanyin dare ya tura ta ƙasa, ɗumin tafiya ya ɗago ta kaɗan ta tsallake. Mutuwar fitilar ba ta nufin an warke.

Ita kanta fitilar tana da tarihi. A shekarar 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi kusan miliyan shida da rabi a Amurka, bayan haɗurra da yawa na motar Ford Explorer inda ɓawon taya ke ɓallewa ana cikin gudu, musamman a jihohi masu zafi. Ɗaya daga cikin abubuwan da kamfanonin biyu suka yi ta jayayya a kai shi ne iska: Ford ya rubuta 26, Firestone ya ce 30 ya kamata. Majalisar ƙasar ta yi doka a wannan shekara, kuma daga 2007 duk sabuwar ƙaramar mota a can sai da na'urar gargaɗi. Sai dai ƙa'idar ta ce ta yi gargaɗi idan iska ta ragu da kashi ɗaya cikin huɗu. Tayar da ya kamata ta zauna a 32 tana iya sauka har kusan 24 kafin fitila ta ce uffan. Ni da 28 ɗina na Kaduna, da ko ƙyaftawa ba za ta yi ba.

Rana tana nuna son kai

Ajiye mota a gefen katanga, ɓangare ɗaya a inuwa ɗaya a rana, ka dawo bayan awa biyu da geji. Baƙar roba tana shan rana kamar kaskon suya, tayoyin ɓangaren rana za su iya fin na inuwa da lamba ɗaya ko biyu. Wanda ya "daidaita" su a wannan hali ya karkatar da su ne.

Babbar mota, babban tsalle

Zafi ba lamba yake ƙarawa kai tsaye ba, kaso yake ƙarawa. Saboda haka tayar tirela da ake bugawa 110, idan iskar cikinta ta ƙaru da digiri 30, sai ta hau da kusan lamba goma sha uku, inda ta ƙaramar mota za ta hau da biyar. Yaron mota da ya ga 123 a geji dole gabansa ya faɗi, alhali abin da aka tsara tayar ta yi ke nan. Dukan taya da guntun ƙarfe da ake yi a tasha yana iya tona wadda ta sace sosai a cikin tagwaye, amma kunne ba ya bambanta 95 da 110.

Haka nan zuba wa taya ruwa da wasu ke yi idan an tsaya cin abinci. Ruwan yana sanyaya fatar waje, tururi ya tashi, rai ya yi daɗi, amma iskar ciki da naman roba mai kauri suna nan da zafinsu na wani lokaci.

Lambar gefen taya ba taka ba ce

A jikin kowace taya akwai rubutu ƙanana kamar MAX PRESS 44 PSI ko 51. Mutane biyu ne ke ruɗewa da shi. Na farko yana ɗauka ita ce iskar da za a buga, shi ya sa za ka ji an ce "sa mini arba'in da biyar" a motar da takardar ƙofarta ta ce 32. Motar sai ta riƙa tsalle a kan gargada, tsakiyar taya ya riga gefe cinyewa. Na biyu yana ɗauka da zarar geji ya taɓa wannan lamba a kan hanya taya za ta tashi. Ita ma wannan lamba ta sanyi ce: iyakar abin da aka yarda a buga wa tayar tana huce.

Hawa Jos

Tunda geji bambanci yake aunawa tsakanin iskar ciki da ta waje, idan ta waje ta yi sauƙi sai ya ƙara lamba. Jos tana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, nauyin iska a can ya gaza na Legas da kusan lamba biyu. Tayar da aka buga 32 a Legas, da zafin garuruwan ɗaya ne, da 34 za ta nuna a Jos. Amma Jos ta fi sanyi, sanyin kuma ya janye wani abu daga ciki. Tudu ya bayar, sanyi ya karɓe.

Hular bawul koriya

Wasu gidajen taya suna sayar da iskar naitirojin, su sa maka koriyar hula, su ce ita ba ruwanta da zafi. Ba haka ba ne. Iskar da muke shaƙa ma kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, kuma tsantsarta tana bin dokar Amontons kamar kowace iska. Fifikonta na gaskiya shi ne a bushe take, kuma ba ta taimakon wuta, dalilin da ya sa manyan jiragen sama ke amfani da ita.

Maganar bushewa kuwa tana da ma'ana fiye da yadda ake zato. Tankin injin iska na bakin titi yana tara ruwa a gindinsa idan ba a tsiyaye shi, musamman da damina, ga kuma ruwan sabulu da ake shafa wa bakin taya lokacin sa ta a wili. Idan ruwa ya kwanta a cikin taya, a digiri 20 tururinsa bai kai rabin lamba ba. A digiri 60 yana kusan lamba uku. Tayar da ke da ruwa a ciki za ta riƙa hawa fiye da 'yan uwanta, mai ita yana ta neman dalili. Kafin a sa maka tiyo, ce wa mai faci ya ɗan fesa iskar a tafin hannunsa. Idan ka ga danshi, ka san abin da zai shiga.

Idan dole ta kama a auna da zafi

Ba kowa ke da mai faci a ƙofar gida ba, kuma tafiya ba ta jiran awa uku. Dabarar ita ce a ƙara lamba huɗu a kan ta takardar ƙofa, a ɗauke ta a matsayin abin da ake sa ran gani. Idan takarda ta ce 32, tayar da ta sha hanya ta nuna 36 ko 37, a bar ta. Idan ta nuna 32 cif, ba daidai take ba, ta gaza ne, da safe 28 za ta zama. Idan ta nuna 30, a buga ta zuwa 36, a sake dubawa da safe a gyara. Ƙari da zafi ba laifi, ragi ne ba a yi.

Awon zafi yana da wani amfani da na sanyi ba shi da shi. Idan tayoyi uku sun hau da lamba huɗu, ɗaya ta hau da takwas, kada a tsaya kan iskar. Kawo bayan hannu kusa da wilin, ba tare da ka taɓa ba. Idan yana huci fiye da sauran, mai yiwuwa birki ne ke kamawa a wannan ƙafa, ko boris ya fara ci, zafinsu ke ratsa ƙarfe yana shiga taya. Wannan aikin bakanike ne, tsinken bawul ba ya maganinsa.

Wadda ke kwance a but

Ko babu huda, iska tana silalewa ta jikin roba, kusan lamba ɗaya a wata, da zafi ma ta fi sauri. Safaya ba ta tsira ba don tana kwance. Siririyar nan ta wucin gadi da ke zuwa da motocin waje 60 ake buga mata, an rubuta a jikinta. Ranar da na ciro tawa bayan shekara biyu ban waiwaye ta ba, gejin 35 ya nuna, ga shi a ido tana nan ƙyam kamar sabuwa.